Na san nahawu amma Larabcina ya tsaya cak, me zan canza?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara shida kenan ina karatun Larabci, na sauke Ajuruma, na yi nisa a Alfiyya, i'irabi ba ya ba ni wahala. Amma wallahi kusan shekara biyu ban ga na ƙaru ba. In na kunna Aljazeera rabi nake kamawa, in na ɗauki jarida sai na gaji kafin na gama shafi, in zan yi magana kuma bakina ya yi nauyi. Na ƙara lokacin karatu amma shiru. Me zan canza?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abu na farko, ka rage ma nahawu lokaci. Na san maganar za ta yi maka nauyi tunda shi ne ya kawo ka inda kake, amma na daɗe ina karantar da Larabci kuma irinka sun zauna gabana da yawa, kusan dukansu ciwonsu ɗaya ne, hanyar da ta yi musu aiki a shekarun farko ita suke ta ƙara ma lokaci alhali ta riga ta ba su abin da za ta iya ba su. Ƙa'idojin nahawu suna da iyaka, ana gama su. Fa'ili marfu'i ne, ka sani tun shekarar farko, ko ka maimaita shi sau dubu ba zai ƙara maka kalma ɗaya a kunne ba. Abin da ya rage maka yanzu yawan kalmomi ne da sauri, kuma su biyun ba a samun su a darasin i'irabi.

Ga dalilin da ya sa kake ji kamar ka tsaya. A kowane harshe akwai 'yan kalmomi da su ne ake ta juyawa a kusan kowace jimla, irin su ƙala, kana, fi, min, yaum, rajul. Da kana farko duk kalmar da ka koya yau gobe za ka ci karo da ita, shi ya sa kullum kana ganin ci gaba. Yanzu ka kwashe waɗannan, saura masu wuyar fitowa, kalmar da za ka gani yau ba za ka sake ganinta ba sai bayan wata biyu, lokacin kuwa ka manta ta. Wani masani ɗan New Zealand, Paul Nation, ya yi lissafin wannan a Turanci a 2006, ya nuna kafin mutum ya karanta jarida ko littafin labari ba tare da taimako ba yana bukatar ya san kamar kashi 98 cikin ɗari na kalmomin da ke shafin, kuma hakan na bukatar tushen kalmomi wajen dubu 8 zuwa 9, saurare kuma dubu 6 zuwa 7. Lissafin Turanci ne, kar ka ɗauki adadin ka ɗora ma Larabci kai tsaye, amma siffar abin iri ɗaya ce: dubu biyun farko su ke ɗauke mafi yawan shafi, ragowar 'yan kason nan na ƙarshe kuma su ke cin shekaru.

To kafin ka canza komai ka auna, don “na tsaya” ba sunan ciwo ba ne, kamar ka je asibiti ne ka ce ma likita ba ni da lafiya ka yi shiru. Awo biyu nake sa ɗalibaina, yini ɗaya ya ishe ka.

Na farko, ɗauko labari ɗaya na jarida wanda ba shi da wasali, ka ƙirga kalma 300, ka kunna agogon waya ka karanta ba ƙamus, duk kalmar da ba ka sani ba ka ja mata layi. In ka gama ka rubuta minti nawa ka ci da kalma nawa ka ja. In shida ne ko ƙasa, kana kan kashi 98, wannan rubutun daidai da kai ne. In 15 ne kana kan 95, za ka gane amma da ƙoƙari. In sun kai 30 to kashi 90 kenan, kuma 90 a jarrabawa maki ne mai kyau amma a karatu azaba ce, domin kalma ɗaya cikin kowace goma duhu ce, kusan kowane layi kenan sai ka yi tuntuɓe. Gajiyar da kake yi kafin ƙarshen shafi daga nan take, ba lalaci ba ne.

Na biyu, samo labari na minti ɗaya wanda akwai sautinsa kuma akwai rubutunsa. Ka ɓoye rubutun, ka saurara sau uku kana rubuta abin da ka ji kamar imla'i, sannan ka buɗe ka gwada. Duk inda ka rasa ka tambayi kanka wane iri ne. Akwai kalmar da ko a rubuce ba ka san ta ba, wannan matsalar kalmomi ce. Akwai wadda da ka gan ta a rubuce sai ka ce kai ai na san wannan, to wannan matsalar kunne ce, idonka ya san ta kunnenka bai taɓa haɗuwa da ita ba. Sai iri na uku wanda shi ne ya fi kama masu nahawu, kowace kalma ka ji ta kuma ka san ta amma ma'anar jimlar ba ta zo ba. Wanda ya fi yawa a cikin ukun nan shi zai ci mafi yawan lokacinka.

Bari in tsaya a kan na ukun da misali, don a nan na ga abin ya fi fitowa fili. Akwai wani ɗalibina, malamin Islamiyya ne, nahawunsa ya fi na wasu da suka yi digiri. Na ba shi jimla irin wadda ake ji kullum a labarai: a'arabal aminul ammu lil umamil muttahida an ƙalaƙihi iza'a tadahwuril auda'il insaniyya fi Darfur, da'iyan ɗarafayin niza'i ila waƙfi iɗlaƙin nari. Nan take ya yi mata i'irabi tsaf, ya ce da'iyan hali ne, ɗarafai musanna ne an cire nun saboda idafa, duk daidai. Na ce to fassara min. Sai ya tsaya. A'araba shi a wurinsa i'irabi ne, bai taɓa sanin in ta haɗu da an tana nufin ya bayyana ba, wato babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana damuwarsa. Waƙfi ya sani, tsayarwa. Iɗlaƙ ya sani, sakewa. Nar ya sani tun yana yaro, wuta. Amma ukun a haɗe, waƙfu iɗlaƙin nar, bai san tsagaita wuta ake nufi ba. Ka ga babu kalmar da ta gagare shi a ciki sai tadahwur, taɓarɓarewa, amma jimlar gaba ɗaya ta wuce shi, kuma a talabijin kafin ya gama tunanin a'araba mai karanta labarai ya yi jimla uku gaba.

Abin da wannan ke nuna maka shi ne a matakinka an daina koyon kalma ita kaɗai, ana koyonta da abokan tafiyarta. Mu ma haka Hausa take ai, muna cewa yanke shawara, cin jarrabawa, shan wahala, kashe kuɗi, wanda ya koyi yanke da shawara daban daban ba zai taɓa haɗa su da kansa ba. Balarabe yana cewa ittakhaza ƙararan, aƙada ijtima'an, adla bi tasrihin, asfara an, kuma harafin da ke bin fi'ili yana iya juya ma'ana baki ɗaya, ragiba fi yana so, ragiba an ya ƙi. Saboda haka littafin kalmominka ya canza siffa daga yau. Kar ka sake rubuta kalma da fassararta ta Hausa a gefe shikenan. Rubuta guntun jimlar da ka same ta a ciki, da harafinta, da jam'inta in suna ce, da mudari'inta da masdarinta in fi'ili ce. In kana amfani da Anki, manhajar bitar kalmomi, a waya ka sa jimlar a gaba ka ɓoye gaɓar da kake son koya, ka riƙa cikewa da kanka. Sababbi goma a rana sun isa. Na ga masu zuba hamsin a rana, sati uku bitar ta taru ta kai ɗaruruwa su gudu su bar manhajar. Kuma lokaci ya yi da za ka koma ƙamus na Larabci zuwa Larabci irin Mu'ujamul Wasiɗ, bayanin kalmar ma kansa karatu ne.

Yanzu babbar gyara, wadda in ɗaya kawai za ka ɗauka to ita ce. Ka sauko ƙasa ka karanta abu mai sauƙi da yawa. Ɗalibai ba sa son jin wannan, wanda ya yi nisa a Alfiyya ka ce masa ya karanta ƙissoshin yara ko labarin da aka sauƙaƙa sai ya ga kamar ka raina shi. Amma mu karatunmu na zaure ya saba mana da layi biyar a rana ana fasa kowace kalma, wannan hanya tana da albarka sosai wajen fahimtar nassi kuma ban ce ka bar ta ba, sai dai layi biyar a rana ko shekara ka yi ba ka kai layi dubu biyu ba, ɗan ƙaramin littafi ɗaya kenan. Kalmar nan mai wuyar fitowa sau nawa za ka gan ta a ciki? Sau ɗaya in ka yi sa'a. Wanda yake karanta shafi goma masu sauƙi kullum shi yana sake haɗuwa da kalmomin kafin su goge, kuma idonsa yana koyon hango wasali ba tare da ya tsaya ya yi lissafi ba, ya ga haruffan kaf da ta da ba sai ya san kataba ce ko kutiba ko kutub daga abin da ke kewaye da ita. Wannan saurin ba a haddace shi, yawan gani ke kawo shi. Ƙa'idar zaɓen littafi kuwa awon nan ne na farko, in kalmomin da ba ka sani ba sun wuce shida cikin 300 ka ajiye shi zuwa gaba, kuma a wannan karatun ba a buɗe ƙamus sai kalmar da ta dawo sau uku tana tare maka hanya.

Za ka ce to jarida fa, tunda ita nake so kuma ta fi ƙarfina? Ga dabarar, ka ƙuntata. Zaɓi labari ɗaya da ake ta bibiya ka manne masa sati uku ko huɗu, kar ka yi tsalle yau siyasa gobe ƙwallo jibi tattalin arziki. Malamin nan da na ba ka labari yaƙin Sudan ya zaɓa, wanda ya ɓarke a Afrilun 2023, saboda yana da 'yan'uwa a can kuma kullum yana jin labarin a sashen Hausa na rediyo, to ya riga ya san abin da ke faruwa kafin ya ji shi da Larabci. Satin farko ya sha wuya, shafinsa duk layi ne. Amma masu rubuta labarai kalmominsu ɗaya ne suke juyawa, ishtibakat, nazihun, hudna, musa'adat insaniyya, ƙuwwatud da'amis sari'i, yau su gobe su. Kafin wata ya cika yana karanta labarin Sudan ba ƙamus, kuma da ya koma wani fanni sai ya tarar rabin kayan aikin ya taho da su, don a'araba an da asfara an suna ko'ina. Sai dai ka sani in ka koma sabon fanni adadin layin zai sake hawa, wannan ba komawa baya ba ne, haka abin yake, kowane fanni da kuɗin shigarsa.

Kunne kuma aikinsa daban. Kunna tasha tana ta yi kana wani aiki ba ya gyara kunne sosai a matakinka, abin da ba ka gane ba ko sau ɗari ya wuce ba ka gane shi ba. Minti 15 na imla'in nan da na bayyana ya fi awa biyu na sauraren da hankali ba ya wurin. In sauri ya yi yawa ka rage saurin zuwa 0.75 a YouTube, amma ka tabbata ka ƙare da saurin asali. Bayan ka gwada da rubutun ka sake kunnawa kana bin mai maganar da bakinka a bayansa kaɗan, kamar yadda ɗalibi ke bin malami a tilawa. Za ka lura da wani abu, masu magana da yawa suna sakin ƙarshen kalma da sukun, wasalin ƙarshen nan da ka saba dogara da shi don gane fa'ili da maf'uli sau da yawa ba ya fitowa, dole ka koyi ganewa daga tsarin jimlar.

A nan akwai abin da nake so ka bincika, don yana sa mutane su zargi kansu a banza. Wane rabin ne ba ka kamawa? In mai karanta labarai kana bin sa amma da an miƙa ma mutumin titi makirufo sai komai ya ɓace, to ba fusaha ce ta gagare ka ba, ammiyya ce, kuma ba a taɓa koya maka ita ba. Ina so a fusaha uridu ne, Bamisire zai ce ayiz, ɗan Sudan ya ce dayir, ɗan Saudiyya ya ce abga. Ƙaf ɗin da ka sha wahalar gyara makhrajinsa, a Alƙahira hamza yake komawa, a Khartoum kuma g. Wannan karatu ne na daban, in kana bukatarsa ka zaɓi guda ɗaya gwargwadon inda za ka ko waɗanda kake hulɗa da su, kar ka haɗa uku lokaci ɗaya.

Saura baki. Nauyin bakin mai nahawu yawanci daga tsoron lahani ne, kafin ka furta kalma kana duba ƙarshenta damma ce ko fataha, kafin ka gama dubawa zancen ya wuce. Akwai atisaye da ake kira 4/3/2, mai sauƙi ne kuma yana aiki. Ka zaɓi abin da ka riga ka sani sosai, misali labarin da ka karanta da safe, ka faɗe shi da Larabci cikin minti huɗu, ka sake faɗin shi ɗin dai cikin minti uku, sannan cikin biyu. Minti tara kenan. Asalinsa da mutum uku ake yi kana canza mai saurare, in babu ka yi da rikodar waya. Sharaɗin shi ne ba tsayawa gyara, ka sa sukun a ƙarshen kalma ka wuce, matsin lokacin shi zai hana ka yin i'irabi a zuci. Zagaye na uku za ka ji jimlolin suna fitowa a dunƙule.

Amma sauri kaɗai yana da haɗarinsa, in kana ta maimaita kuskure ba mai gyara maka sai ya daskare, masana suna da suna ma wannan tun 1972 da Larry Selinker ya yi bayaninsa, kuskuren da ya zauna daram ko mutum ya san ƙa'idar. Mu Hausawa namu sanannu ne kuma daga Hausa suke tsallakowa. Ƙofa mace ce a wurinmu sai ka ji an ce hazihil bab, alhali bab namiji ne. Hannu da ido da yaƙi maza ne a Hausa, yad da ain da harb mata ne a Larabci. Muna cewa littattafai sababbi sai mutum ya jawo jam'i, alhali jam'in abin da ba mai hankali ba mace ɗaya ake ba shi, kutubun jadida. Ga adadi daga uku zuwa goma da ke saɓa ma abin ƙirgawa, salasatu kutub amma salasu sa'at, kowa ya san ƙa'idar a takarda, a baki kuwa sai ta gudu. Maganinsa, sau ɗaya a sati ka rubuta kalma 150 ko ka tura rikodin minti biyun nan ga wanda ya fi ka, ka roƙe shi kar ya gyara maka, ya ja layi kawai a inda kuskure yake, kai za ka nemo gyaran. Abin da ka gyara da hannunka ya fi zama. Ka buɗe shafi ɗaya kana tara kurakuran, bayan wata za ka ga uku ko huɗu ne suke ta dawowa, sai ka ɗauki ɗaya ka sa masa ido sati biyu, ka bar sauran tukuna. A nan ne nahawunka zai yi maka rana, don kai ba sai an yi maka dogon bayani ba, nuni ya ishe ka.

In awa ɗaya da rabi kake da ita a rana ga yadda zan raba maka: minti 40 karatu mai sauƙi ko labarin da ka manne masa, 15 imla'i da bin murya, 10 na 4/3/2, 10 bitar jimloli, ragowar 15 ka ba Alfiyyarka don kar ta yi sanyi. In awo na biyu ya nuna kunne ne ya fi rauni ka ɗebo daga karatu ka ƙara masa, in kalmomi ne ka bar shi yadda yake. Kuma kullum kaɗan ya fi ka tara awa bakwai ranar Lahadi.

Kar ka auna kanka da yadda kake ji, a wannan matakin ji yana yaudara, kana ƙaruwa amma kullum abin da ba ka sani ba ne a gabanka. Ka ajiye takardar awon yau da rikodin farko da kwanan wata a jiki. Bayan sati shida ka ɗauko sabon labari a fannin da ka zaɓa, kalma 300, ka sake ƙirga layi da mintoci, ka saurari tsohon rikodin ka gwada da sabo. In layin sun ragu ko mintocin sun sauka ka ci gaba a haka ka buɗe fanni na biyu. In ba abin da ya motsa, mafi yawan lokuta abu biyu ne, ko dai abin da kake karantawa har yanzu ya fi ƙarfinka ka ƙi saukowa, ko kuma ƙamus ya dawo hannunka kana fasa kowace kalma shafi goman ya koma layi biyar. Ka turo min adadin da ka samu a awo biyun nan da fannin da ka zaɓa, sai mu ga inda za a fara. Allah ya buɗa mana baki ɗaya.